Babur ya faɗi ya tashi: yadda ake bin sawun bugu daga hannun birki zuwa wuyan firam

Babur da ya faɗi yakan tashi da bugu ɗaya, ya yi ƙara kamar babu abin da ya same shi, kuma wannan ne yake yaudarar mai shi. Inji shi ne ɓangaren da ya fi jure faɗuwa. Abin da yake shan wahala shi ne jerin ƙarafan da ƙarfin bugun ya ratsa: hannun birki ko na kulochi, sitiyari, mariƙan shok, bututun shok ɗin gaba, boris ɗin wuya inda sitiyari yake juyawa, sannan firam. Kowanne yana karɓar iya abin da zai ɗauka ya miƙa sauran ga na gaba. Don haka dubawa mai ma'ana ita ce a fara daga inda babur ya taɓa ƙasa, a bi bugun ciki mataki mataki har a iske inda ya ƙare. Kuma ba a auna na ciki sai an tabbatar da na waje, domin shok da ya lanƙwashe zai sa firam mai lafiya ya yi kamar ya karkace, tayar baya da ba ta zauna daidai ba ma haka.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Babur matsakaici ne mai firam na ƙarfe, shok ɗinsa na gaba irin na gama gari, wato bututu mai walƙiya a sama, kwasfa mai kauri a ƙasa, birkin gaba na faifai a gefen dama. Faɗin tayar gaba milimita 100, ta baya 130. Ya zame a kwana yana gudun kimanin kilomita 30 a awa, ya kwanta a dama, ya ja ƙasa har tayar gaba ta daki kankaren bakin titi. Abin da ido yake gani: hannun birki ya lanƙwashe sama, bakin sitiyari ya goge, idan taya ta kalli gaba sitiyari yana kallon gefe kaɗan.

Kafin a kunna inji, a tsayar da babur a miƙe na 'yan mintuna baƙin mai ya koma mazauninsa, a duba ma'auninsa, a buɗe akwatin matatar iska a ga ko mai ya kwarara ciki, a shinshina ko fetur yana yoyo. A murɗa totur a sake shi: dole ya koma da kansa nan take, sitiyari na miƙe ko an karya shi iyaka dama da hagu. Idan babur ya kwanta a dama, bakin sitiyari yakan matse robar totur ya hana shi komawa, kuma wannan kaɗai ya isa a fasa hawa. Baburan da ba su da kafireto, masu feshin mai ta lantarki, da yawansu suna da na'urar da take kashe inji idan an faɗi, sai an kashe makulli an sake kunnawa suke tashi.

Abin da hannun birki yake faɗa

Hannun birki da na kulochi galibi alminiyom ne da aka zuba a ma'auni, ba ƙarfen da aka ƙera da duka ba. Irin wannan yana yarda ya lanƙwashe sau ɗaya, amma idan aka dawo da shi da sanyi sai ya tsage ta cikin gwiwar, tsagewar da sau da yawa ba a ganinta sai ranar da aka damƙe birki da ƙarfi. Hannun kulochi da ya ɗan karkace ana iya lallaɓa shi a isa gida. Na birkin gaba kuwa sauyawa ake yi, kuma a ra'ayinmu babu wurin jayayya a nan, domin yana cikin mafi arahar kayan babur alhali birkin gaba ne yake ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa. Idan dunƙulen da ke bakinsa ya karye, shi ma a sauya: an sa dunƙulen ne don kada bakin ya zama tsinke a faɗuwa ta gaba.

Lanƙwasar da ake gani ba ita ce duka ba. A kwance kusar da hannun yake juyawa a kanta, a mirgina ta a kan gilashi a ga ko tana tsalle, a duba ramin ko ya zama kamar ƙwai, a duba kunnuwa biyu na mazaunin ko ɗaya ya buɗe ko ya tsage. A birki mai aiki da mai, akwai ɗan harshe a gindin hannun da yake tura fistan. Idan hannun ya karkace har harshen ya zauna yana danna fistan ko da ba a taɓa shi ba, fistan zai toshe ƙaramin ramin da mai yake komawa kofi ta cikinsa. Da farko ba za a ji komai ba. Bayan 'yan kilomita mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da hanyar komawa, birki ya fara kama kansa, zafi ya ƙaru, har taya ta iya ƙullewa ana cikin tafiya. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗaga gaba, a damƙe birki a saki, taya ta juya da hannu ba tare da riƙo ba, kuma a ji ɗan wasa a hannun kafin ya fara turawa. Sabon hannu wanda ba na samfurin babur ɗin ba yana haddasa wannan matsalar daidai da lanƙwasasshe. A kulochi mai waya kuwa, wasan da yawancin masu ƙera babur suke bayarwa milimita 10 zuwa 20 ne a bakin hannun.

Na ƙafa ma a duba su da wannan idon. Matakin birkin baya da ya shige ciki yakan goga jikin inji ya ƙi dawowa. Matakin giya yana zaune a kan sandar da ta shiga cikin inji, shi ya sa ba a miƙe shi a wurin da bututu ko guduma: a cire shi tukuna, a kalli sandar ko ta karkace, a duba ko mai ya fara jiƙa gindinta.

A misalinmu hannun birki ya tashi sama, mazauninsa ya juya a kan sitiyari, goguwar bakin sitiyari ta yi zurfi. Wannan yana nuna nauyin babur ya sauka a ƙarshen sitiyari na dama ya tura shi baya, kuma sitiyari doguwar sanda ce da take murɗa mariƙin sama alhali taya tana maƙale a ƙasa.

Murɗewa daban, lanƙwasa daban

Sitiyari da ya daina kallon inda taya take kallo yana da dalilai huɗu, kuma kuɗin gyaransu ya sha bamban: sitiyarin kansa ya lanƙwashe, ko bututun shok sun murɗe a cikin mariƙansu, ko bututun sun lanƙwashe, ko mariƙin ƙasa ya karkace. Ana ware su ɗaya bayan ɗaya.

Sitiyari ake fara cirewa daga zargi. A auna daga tsakiyar babban notin wuya zuwa kowane baki na sitiyari, sannan daga kowane baki zuwa ƙasa babur na tsaye a miƙe. Bambancin da ya wuce 'yan milimita yana nufin ya lanƙwashe. Wasu baburan sitiyarinsu yana zaune a kan roba, kuma kusoshin mazaunin sukan juya ko su karkace, sai a sassauta su a ga ko ya dawo. Sitiyarin alminiyom da ya lanƙwashe ba a miƙe shi.

Murɗewa ita ce ta fi yawa kuma ita ce mai sauƙi. Bututun shok biyu suna ratsa mariƙi biyu, na sama da na ƙasa, kuma matsi kawai yake riƙe su. Bugu yakan juya mariƙin sama ya bar na ƙasa, sai bututun su zauna a harɗe ba tare da ko ɗaya ya lanƙwashe ba. Mutane sun saba da maganin gaggawa, wato a matse taya tsakanin gwiwoyi a fizgi sitiyari. Yana iya kai mutum gida, amma yana barin komai cikin ɗauri. Gyaran gaskiya shi ne a sassauta komai daga mariƙin sama zuwa ƙasa: babban notin wuya kaɗan, kusoshin mariƙin ƙasa, kusoshin murfin taya, notin aksul da ƙananan kusoshin da suke matse aksul. Kusoshin mariƙin sama kaɗai ake bari a ɗaure, in ba haka ba babur zai zube a kan bututun. Sai a jingina tayar gaba da bango, a danna gaba da ƙarfi sau shida zuwa goma. Bango ya fi damƙe birki, domin birki mai faifai ɗaya yana jan ƙafar shok ɗaya ya sake kawo murɗewar da ake son cirewa. Daga nan a ɗaure daga sama zuwa ƙasa, notin wuya, mariƙin ƙasa, notin aksul, a sake dannawa sau biyu ko uku, sannan a ƙarasa da kusoshin matse aksul da murfin taya. Ƙarfin ɗauri a bi littafin babur. Kusoshin mariƙi masu kaurin milimita 8 yawanci suna tsakanin 20 da 25 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri, kuma wuce gona da iri a mariƙin ƙasa yana matse bututu ya hana shok tafiya sumul.

Idan murɗewa ce kawai, sitiyari zai dawo daidai, shok zai riƙa sauka da tashi ba gargada. A tabbatar da gilashi mai kauri ko farantin ƙarfe shimfiɗaɗɗe: a ɗora shi a kan bututun biyu masu walƙiya, ƙasa da mariƙin ƙasa. Bututu biyu da suke a layi ɗaya za su karɓi farantin ya kwanta lif. Idan yana rawa daga kusurwa zuwa kusurwa, akwai sauran magana.

A babur ɗinmu sitiyari ya dawo kusan daidai, amma gilashi yana rawa, shok yana sauka da ɗan tsayawa a tsakiya, kuma zoben mai ya bayyana a bututun dama. Zoben mai bayan faɗuwa alama ce mai ƙarfi, domin bututu mai lanƙwasa yana danne sil, wato robar da take tare mai, ta gefe ɗaya ya buɗe ɗaya gefen.

Yanzu sai a ɗaga gaba a cire taya. Tun wajen zare aksul ana samun labari: a gaba mai lafiya aksul yana fita yana shiga da hannu, idan sai da guduma to ramukan biyu ba sa kallon juna. A sassauta kusoshin mariƙi na ƙafa ɗaya yadda bututu zai juya amma ba zai zame ba, a riƙe kwasfar ƙasa kada ta juya, a juya bututun a hankali. Idan miƙaƙƙe ne ƙasan ƙafar zai tsaya cak. Idan ya lanƙwashe ƙasan zai riƙa zagaye, tazarar da ke tsakanin ƙafafun biyu tana ƙaruwa tana raguwa. Lanƙwasar kusan kullum tana daf da ƙasan mariƙin ƙasa, domin nan ne bututu yake fita daga riƙo, kuma nisan da ke tsakanin wurin da aksul yana ninka ta har ido ya gani.

Awo na ƙarshe sai an ware shok, an ɗora bututu tsirara a kan mazauni biyu masu siffar V, an sa agogon awo a tsakiya an juya. Littattafan gyara da yawa suna ba da iyakar milimita 0.2, wasu kuma suna cewa a ɗauki rabin abin da allura ta nuna a matsayin ainihin karkacewar, don haka a karanta yadda littafin ya faɗa. A misalinmu allura ta yi tafiyar milimita 1.2 a bututun dama, rabinta 0.6, ninki uku na iyaka ke nan. Na hagu bai kai 0.1 ba. Wanda ba shi da agogo ya mirgina bututun a kan gilashi ya haska fitila ta baya, hasken da yake buɗewa yana rufewa a ƙarƙashinsa zai nuna masa. Ana miƙe bututu mai ɗan lanƙwasa da matsi na inji, kuma gwani yana iya dawo da shi cikin iyaka. Amma idan akwai ƙunci, ko tsagewar farin rufin da ke walƙiya, ko wurin da farce yake kamawa, ƙarfen ya riga ya raunana a daidai inda birki yake ɗora masa nauyi mafi yawa, sai dai sabo. Wuta kuwa ba a kai ta kusa da bututun shok.

Da sabon bututu a hannu ake gwada mariƙin ƙasa. A zura shi ta ramin ƙasa a tura sama: ya kamata ya shige ramin mariƙin sama da kansa. Idan ya doki baki sai an ja shi gefe kafin ya shiga, mariƙin ƙasa ko sandar wuya ta karkace, kuma sabon bututu a cikin karkataccen mariƙi zai cinye sil cikin ɗan lokaci. Tunda an riga an cire taya, a auna aksul, wanda shi ma iyakarsa galibi milimita 0.2 ce, da wili, wanda ake ba shi har milimita 2 na rawa gefe da gefe ko sama da ƙasa. Faifan birki da ya karkace yana bayyana kansa da bugun hannun birki a yatsu.

Wuya, da abin da fenti yake ɓoyewa

Gaba na sama, a juya sitiyari a hankali daga iyaka zuwa iyaka da yatsa ɗaya. Bugu daga gaba yana dasa ƙwayoyin boris a cikin mazauninsu su bar 'yan ramuka, sai a ji sitiyari yana faɗawa wani gurbi, galibi a tsakiya. A kama ƙafafun shok a ja gaba da baya a ji ko akwai ƙwas. Boris mai gurbi ba ya gyaruwa da ƙarin ɗauri ko giris. In an zo sauya shi, a lura da yadda mazauninsa yake fita daga wuyan firam: wanda ya faɗo da kansa ba tare da an buge shi ba yana nuna bakin wuyan ya buɗe, kuma wannan ciwon firam ne, ba na boris ba.

A ƙasan wuya akwai 'yan ƙarafan da suke tsayar da sitiyari idan ya kai iyaka. Su ne shaidun da ba sa ƙarya. Idan ɗaya ya lotse, ya karkace ko ya ɓalle, ko sitiyari yana kaiwa kusa da tanki a gefe ɗaya fiye da ɗayan, bugun ya shiga firam da ƙarfi.

Firam ba ya nuna ciwonsa sai an tuɓe shi. A cire tanki da kujera da robobin gefe, a wanke, a ɗauki fitila mai ƙarfi a haska ta gefe yadda inuwa za ta fito. Ƙarfe yana miƙewa, fenti ba ya miƙewa, shi ya sa wurin da ƙarfe ya motsa fentinsa yakan tsattsage ko ya ɓare, ko da ƙarfen ya dawo kusa da inda yake. Wuraren dubawa su ne bakin walda a kewayen wuya, farantin ƙarfafawa da ke ƙarƙashinsa, bututun firam da ya gangara gaban inji, kunnuwan da suke riƙe inji, kewayen kusar da hannun tayar baya yake juyawa a kanta, da mazaunin matakan ƙafa. Idan an daki abu daga gaba, saman wuya yana jan ƙarfe, ƙasansa yana matse shi, don haka a nemi tsagewa a sama, a nemi kumburi ko ƙunci a ƙasa. Tafin hannu yakan ji kumburin da ido bai gani ba. A sake dubawa bayan mako ɗaya ko biyu, domin siririn layin tsatsa a gefen walda yana fitowa ne daga baya.

Inda ake zargin tsagewa, akwai tsohuwar dabara: a shafa kananzir, a bar shi ya ratsa na kimanin minti goma, a goge saman tas, a barbaɗa garin alli. Kananzir ɗin da ya shige tsagewar zai dawo ya zana layi a kan allin. Feshin jan rini da ake sayarwa don wannan aikin hanyarsu ɗaya, ya dai fi kaifin gani. Wata alamar kuma kusoshin inji ne: a sassauta su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi zarewa ko ramukansa suka goce da zarar ya fita yana nuna inji ne yake riƙe da firam a tilas.

Zare da ma'auni

Bayan an tabbatar da shok da mariƙi da aksul, sai a tambayi firam ko tayoyin biyu suna bin layi ɗaya. A tsayar da babur a miƙe a kan daɓe mai kyau. A ɗaura tsakiyar dogon zare a bayan tayar baya, a tsayin da ba zai taɓa sitan ko sarƙa ko salansa ba, a ja bakunan biyu gaba har su wuce tayar gaba, a ɗaure kowanne a jikin abu mai nauyi. A matsa kowane zare a hankali har ya ɗan taɓa gefen gaba na tayar baya ba tare da ya lanƙwashe ba. Yanzu zaren biyu suna nuna inda tayar baya take kallo. A daidaita sitiyari har tazarar zare da tayar gaba ta zama ɗaya a gabanta da bayanta a gefe guda, sannan a kwatanta dama da hagu.

Tayar baya 130, ta gaba 100, bambanci 30, don haka ana sa ran milimita 15 a kowane gefe. Faɗin da aka rubuta a jikin taya ba lallai ya yi daidai da na zahiri ba, abin da ake nema shi ne gefen biyu su zo ɗaya. A babur ɗinmu dama ta ba da 21, hagu 9. Gocewar rabin bambancin ce, wato milimita 6 zuwa hagu.

A nan ne mutane da yawa suke yanke wa firam hukunci ba da hakki ba. Tazarar da ke tsakanin madaidaitan sarƙa biyu kimanin milimita 250 ce, tazarar tayar baya da ta gaba kuwa kimanin 1,350. Kuskuren milimita 1 tsakanin madaidaicin dama da na hagu yana zama sama da milimita 5 idan ya isa gaba. Zanen da ke jikin madaidaitan ba abin dogaro ba ne sosai, gara a auna daga tsakiyar kusar hannun baya zuwa tsakiyar aksul na baya a gefen biyu. A misalinmu an sami bambancin milimita 1, aka gyara, zare ya koma 16 da 14. Gocewar milimita 1 ba komai ba ce. Har 2 ko 3 ana iya ɗauka a matsayin kuskuren zare da taya, amma abin da ya haura 5 bayan an daidaita baya yana buƙatar a nemo dalilinsa.

Zare yana ganin gocewa a tsayi ɗaya ne kawai, don haka a ƙara da ma'aunin magina mai igiya da nauyi. A daidaita babur har tayar baya ta tsaya cak a tsaye, a kai igiyar gefen tayar gaba sitiyari na miƙe. Idan baya na tsaye gaba na jingine, wuya ya murɗe ko hannun baya ya karkace. Babur irin wannan yana jan gefe ɗaya, yana shiga kwanar dama da sauƙi ta hagu da gardama ko akasin haka, yana kuma cin taya ta gefe.

Babur ɗinmu ya ci jarrabawar zare, ya ci ta igiya, amma fitila ta nuna ɓarewar fenti a farantin da ke ƙarƙashin wuya da ɗan kumburi a bututun da ya gangara. Dalili shi ne bugun kankare ya zo daga gaba kai tsaye, ya tura wuya baya ba tare da ya kai shi dama ko hagu ba, kuma zare ba ya ganin irin wannan. Abin da yake kama shi awon tsayi ne. Tazarar tayoyi da ke cikin littafi ba ta isa ba, domin tana sauyawa da jan sarƙa da nauyin da ke kan shok. Awon da ya fi shi ne daga tsakiyar kusar hannun baya zuwa tsakiyar aksul na gaba, an ɗaga gaba shok ya miƙe gaba ɗaya, bututun suna zaune a tsayi ɗaya cikin mariƙi, a kwatanta da wani babur lafiyayye na samfuri ɗaya. Lafiyayyen ya ba da milimita 790, namu 778. Daga ƙasan wuya zuwa aksul kimanin milimita 700 ne, kuma a wannan nisan digiri ɗaya yana motsa aksul kusan milimita 12. Ke nan wuyan ya miƙe tsaye da kimanin digiri ɗaya.

Digiri ɗaya yana da tasiri. Kwanciyar wuya ita ce take sa inda taya take taɓa ƙasa ya kasance a bayan layin juyawar sitiyari, wannan tazarar kuma ita ce take dawo da sitiyari tsakiya da kansa. Idan wuya ya miƙe tazarar tana raguwa, babur ya riƙa faɗawa kwana da sauri, kansa ya yi sauƙi fiye da kima, ya fara girgiza idan gudu ya ƙaru ko an hau gargada. Taya kuma ta matso kusa da inji da bututun salansa, har murfinta ya iya taɓawa idan shok ya nutse a birki mai ƙarfi. Fiye da haka, ƙarfen da ya yi ƙunci a ƙarƙashin wuya shi ne yake karɓar matsi duk lokacin da aka taka birkin gaba, kuma bututu mai ƙunci ba ya ɗaukar matsi kamar lafiyayye.

Firam na ƙarfe mai irin wannan karkacewa yana gyaruwa, amma a kan teburin da ake ɗaure shi a kusar hannun baya a ja wuya ana aunawa, sannan a binciki waldar bayan an gama. Zura doguwar sanda a wuya a danna da ido ba ya dawo da digiri daidai, yana kuma buɗe mazaunin boris. Idan bututun ya ƙunce sosai ko walda ta tsage a wuya, sauya firam ya fi. Na alminiyom hukuncinsa ya fi tsanani: ƙarfinsa ya dogara da gashin da aka yi masa a masana'anta, walda ko wuta tana tausasa kewayen wurin, tsagewa kuma tana ci gaba da tafiya a cikinsa, don haka sai ƙwararren da yake da kayan gwaji ne zai ce a gyara ko a ajiye.

Babur da duk awonsa ya fito lafiya kaɗai ake fita gwadawa, a fili mara cunkoso. A fara da birki a gudun tafiyar ƙafa, sannan a hau zuwa kilomita 30 ko 40 a awa a sassauta riƙon sitiyari ba tare da an sake shi ba, a ji ko yana jan gefe, tare da tuna cewa gangaren titi da iskar taya da ta ragu su ma suna ja. A yi kwana dama da hagu a gudu ɗaya a kwatanta nauyinsu a hannu. Da an tsaya a kusantar da bayan hannu ga faifan birki a ji ko ya yi zafin da bai dace da ɗan birkin da aka taka ba, a shafa bututun shok a ga ko mai ya fito, bayan kimanin kilomita 100 kuma a sake bin duk kusoshin da aka kwance da sifana mai awo, a sake haska waldar wuya.